Suna linzami: Wane suna ya dace da shirin kuɗi na matasa masu cin mahiya?

Duk wanda ya taɓa hawa hafila a Khartum ya san kumsari ba ya ɓata numfashinsa a banza. Ba za ka ji ya tsaya yana cewa "Suk al-Shabi" ba. Rataye yake a ƙofa yana ƙwala "Shabi! Shabi!", na kusa da shi kuma yana "Arabi! Arabi!". Kalma ɗaya ta wadatar, fasinja ya ji, ya gane, ya hau. Sai dai baƙo kan yi kuskure a nan, domin Shabin biyu ne, akwai na Khartum akwai na Omdurman, kuma kogi ne a tsakaninsu. Wanda bai tambaya ba yana iya sauka a inda bai nufa ba, ya sake biyan kuɗin mota.

Abubuwa biyu ke nan da duk mai shirin raɗa wa wani abu suna ya kamata ya riƙe. Na farko, jama'a za su gutsure sunan da ka ba su, su bar abin da baki zai iya ɗauka. Na biyu, suna ɗaya yana iya kai mutum wurare biyu daban.

Maganar ta shafi matasanmu masu sha'awar buɗe fodkas, wato shirin murya da ake ɗora wa a intanet kashi-kashi, mai sauraro ya sauke a wayarsa ya ji lokacin da ya ga dama. A ce saurayi ne ko budurwa, yana son yin shiri da Hausa a kan yadda ƙaramin ma'aikaci zai tafiyar da mahiyarsa, wato abin da 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar ke kira albashi. Ya tanadi waya da makirufo, ya tsara batutuwa, saura suna. A nan ne da yawa suke gaggawa, alhali kuwa a shirin da ya shafi aljihun mutane, sunan shi ne abin da ake fara auna amanarka da shi tun kafin a ji muryarka.

Wa ake yi wa shirin?

Kafin a nemi suna sai an iya faɗin mai sauraro a jimla ɗaya. Mai saurarenmu shi ne malamin makaranta sabon ɗauka, da ma'aikaciyar jinya, da mai riƙe wa babban ɗan kasuwa lissafi a Suk al-Shabi, da mai yankan tikiti a ofishin motocin safa, da yaron kamfani da ake biya wata-wata. Shekarunsa tsakanin ashirin da talatin da biyar. A gida Hausa yake yi, a makaranta da Larabci ya yi karatu, wayarsa ma da harafin Larabci yake rubutu a kanta. Karatun Hausar boko bai zauna masa sosai ba, ko da yake idan an karanta masa yana ganewa sarai.

Matsalolinsa kuma sanannu ne. Akwai littafin jarura a wurin mai kantin unguwa, inda ake rubuta sukari da mai da sabulun da aka karɓa bashi. Akwai zubin sandug, wanda a Hausa muke ce wa adashi. Akwai guffar mulah, wato cefanen yau da gobe, da kuɗin haya, da abin da ake aika wa iyaye a Mai Wurno ko Gadarif ko Damazin. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 kuma sai wasu suka ƙaru: mahiyar da ke yin watanni ba ta zo ba, da kuɗin da ke cikin Bankak amma ba a samun tsabarsu a hannu sai an bar wa mai canji wani kaso.

Wannan mutum ba jari yake neman inda zai zuba ba. So yake kuɗinsa su kai shi ranar talatin ba tare da ya ci bashi na biyu don biyan na farko ba. Duk sunan da bai yi magana da wannan halin ba, to wani yake kira daban.

Mu ɗauki sunaye shida irin waɗanda suka fi saurin zuwa wa mutum a rai, mu bi su ɗaya bayan ɗaya: Riba Mai Albarka, Sirrin Arziki, Miliyan Na Farko, Kuɗi a Hannu, Adashi, da Ƙarshen Wata.

Kalmar da ke canza riga tsakanin harsuna biyu

A Kano ko Maraɗi, Riba Mai Albarka suna ne da za a iya rubutawa a goshin shago ba wanda zai ɗaga gira. Riba a Hausa ita ce abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa, halaliyarsa ce. Amma kunnen da ya tashi a Omdurman, da ya ji "riba" abin da zai fara faɗo masa shi ne ribar da Alƙur'ani ya haramta, wadda Bahaushe ya fi kira kuɗin ruwa. Malamai suna bambance kalmomin biyu wajen furuci, ɗaya ana jan wasalinta na farko, ɗaya ba a ja. Rubutun boko kuwa bai nuna wannan bambanci, haruffa huɗu ne iri ɗaya.

Idan aka koma harafin Larabci abin ya ƙara dagulewa. In ka rubuta ربا ka rubuta haramtacciyar kai tsaye. In ka ce bari ka ja wasalin ka rubuta ريبا, ido zai kai ta kusa da ريبة, wadda ma'anarta shakka da zargi. Ka ga shirin kuɗi ya tashi da suna tsakanin haram da zargi. Kuma fa muna ƙasar da aka kafa Bankin Musulunci na Faisal tun 1977, inda jama'a suka shafe shekaru suna jin murabaha da musharaka a bakin ma'aikatan banki. Kunnuwansu a buɗe suke ga wannan kalma fiye da na kowa.

Haka "fa'ida" take. A Hausa amfani ce, har mukan ce magana ta yi fa'ida. A Larabcin banki kuwa ita ce sunan kuɗin ruwa. "Jari" ba shi da wannan haɗari, amma in an rubuta shi جاري mai karatu zai ga "maƙwabcina", ko ya tuna da hisab jari, asusun yau da kullum na banki. Ba laifi ba ne, sai dai ba abin da kake nufi ke nan ba.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Duk sunan da ka zaɓa, ka ba wanda Larabci kaɗai yake ji, ka tambaye shi me ya fahimta. Matar yayanka ko abokin aikinka da ba Bahaushe ba zai ga saƙon a wayar mai saurarenka, kuma abin da ya fahimta shi zai yaɗa. Da wannan Riba Mai Albarka ta fita.

Alkawarin da suna ke ɗauka a madadinka

Sirrin Arziki yana da daɗi a baki, kuma zai jawo mutane a makon farko. Matsalarsa ita ce yana yin alkawarin abin da ba ya cikin shirin. Wanda ya shigo neman sirri, ya tarar ana koya masa yadda zai raba mahiya kashi huɗu ya rage bashin kanti, ba zai dawo kashi na biyu ba. Wanda kuwa ainihin shirin zai amfana, mai hankali da taka-tsantsan, shi tun daga sunan zai kauce.

Yana da dalilin kaucewa. Mutanen Sudan ba su manta da Suk al-Mawasir na Fashir ba, wanda ya rushe a 2010. A can ana karɓar mota ko kaya ko tsabar kuɗin mutum, a ba shi cek na wani lokaci mai zuwa da farashin da ya zarce na kasuwa nesa ba kusa ba. Na farko-farko sun karɓi kuɗinsu, labari ya bazu, jama'a suka yi tururuwa, daga ƙarshe cek ya zama takardar banza, dubban mutane suka yi asara. Har yau in an ce abu "masura" ne, kowa ya san ana nufin damfara. Kalmomi irin su sirri, da garaɓasa, da ninki, da arziki cikin sauri, duk yaren masu irin wannan harka ne. Mai shirin gaskiya da ya ari yarensu ya sa rigar ɓarawo ya shiga kasuwa, kada ya yi mamaki in an bi shi da kallo.

Akwai kuma wani ɓangaren da ya shafe ka kai mai shirin. Ranar da wani ya bi shawararka ya yi asara, sunan shirin zai fara kawo maka a matsayin hujja: ai kai ka ce kana da sirrin. Sunan da ya tsaya a kan hali, bai yi alkawarin sakamako ba, ya fi kare mai shi.

Lamba ba ta daɗewa a ƙasar nan

Miliyan Na Farko irin sunan nan ne da ake kwaikwayowa daga shirye-shiryen ƙasashen waje, inda miliyan ɗaya yake nufin abu ɗaya shekara da shekaru. A nan tambayar farko ita ce: wane miliyan? A 1992 an kawo dinari ya maye gurbin jine goma. A 2007 aka dawo da sabon jine, kowane ɗaya a madadin dinari 100, wato tsohon jine 1,000 ke nan. Bakin jama'a bai bi canjin ba. Shi ya sa har gobe za ka ji dattijo a Suk al-Shabi ya ce "miliyan" yana nufin jine 1,000, ya ce "milyar" yana nufin miliyan ɗaya. Miliyan ɗinka na farko, a lissafin kasuwa, takardar kuɗi guda ɗaya ce tak.

Ko an warware wannan, lokaci zai cinye lambar. A 2020 gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin mahiya daga jine 425 zuwa 3,000, aka yi ta murna. A Fabrairun 2021 aka karya darajar jine a hukumance daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, kuma a tsakiyar wannan shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. A 2024 dala ta wuce jine 2,000 a kasuwa. Wanda ya sa wa shirinsa sunan wani adadi a 2020, da yanzu sunan ya zama abin dariya. Lambobi wurinsu cikin shirin ne, inda za ka faɗi ranar da ka ɗauko su, ba a kan allon suna ba.

Wannan hukunci ya hau kan sunayen kamfanoni da na wurare. Sa Bankak a cikin suna zai sa a zaci shirin na Bankin Khartum ne, alhali ba ka da izininsu, ga kuma masu amfani da Fawri na Bankin Faisal ko Okash na Bankin Omdurman da za su ga ba da su ake ba. Sa "Suk al-Shabi" ma haka. Ban da cewa biyu ne, yaƙi ya watsa masu sauraron naka, wasu suna Bur Sudan, wasu Kassala, wasu Alƙahira ko Jidda, wasu kuma yanzu suke dawowa. Sunan wuri yana rufe ƙofa ga wanda ya bar wurin.

Yatsa ma yana da nasa hukuncin

Kuɗi a Hannu ya tsallake duk abin da ya gabata. Ba haram a ciki, ba alkawari, ba lamba. Inda yake tuntuɓe shi ne a kan allon waya.

Mai saurarenka ya ji sunan a bakin abokinsa, ya koma gida yana son ya nemo shi a YouTube ko Facebook. Da harafin Larabci zai rubuta, kuma babu ɗ a can. Zai rubuta كدي ko كودي. Na farkon kalma ce ta Larabcin Sudan da ake faɗa sau ɗari a rana, kamar a ce "bari dai" ko "haka", don haka duk abin da zai fito masa ba naka ba ne. Idan da boko ya rubuta, zai sa `kudi` babu lanƙwasa, domin ba kowa ne ya ɗora allon Hausa a wayarsa ba, ko da yake Gboard yana da shi. Wasu wuraren bincike kuma suna ɗaukar ɗ da d a matsayin haruffa biyu da ba su haɗa komai ba. Sunanka yana nan, mai nema yana nan, ba su haɗu ba.

Haruffan da suka fi ba da wahala su ne ɗ, da ɓ, da ts, da c. Kakanninmu sun yi musu dabara a ajami, amma wasu daga cikin waɗannan alamomi babu su a allon Larabci na waya, kuma matashin da ya yi makarantar gwamnati bai koye su ba. Shi ya sa "tsimi da tanadi", duk da ita ce kalmar Hausa ta asali a wannan fanni, ba za ta yi suna a nan ba: mutum biyar za su rubuta ta hanya biyar.

Adashi ba shi da wannan matsala. Gajere ne, أداشي ya rubutu ba gardama, kuma yana ɗauke da ƙamshin gida. Illarsa biyu. Ya ƙuntata shirin, domin ranar da ka zo maganar haya ko zakkar mahiya za a ce me ya haɗa wannan da adashi. Ta biyu ta fi tsanani: mutane za su ɗauka zubi kake karɓa. Za a fara tambayarka nawa ake sawa, yaushe ake kwasa. Wani ma yana iya buɗe zaure a WhatsApp da sunan shirinka ya karɓi kuɗin mutane, kai kana can ba ka sani ba. Mai ba da shawara a kan kuɗi ya kamata sunansa ya nisanta shi daga kamannin mai karɓar kuɗi.

To me zai hana a ce Mahiya kawai, tunda ita ce kalmar da kowa ke amfani da ita? Dalili shi ne ba ta nuna shirin da Hausa ake yin sa, kuma ماهية a Larabcin littafi tana nufin haƙiƙanin abu, don haka mai bincike zai faɗa cikin darussan falsafa. Albashi kuwa, in an rubuta الباشي sai ya yi kama da sunan wani gida ko wani mutum. Duka biyun suna da amfani, amma a layi na biyu.

Abin da ya rage a faifai

Saura Ƙarshen Wata. Wannan suna bai ambaci kuɗi ba sam, kuma ƙarfinsa ke nan. Lokaci ya ambata, lokacin da babu wanda ya san zafinsa da daɗinsa kamar mai cin mahiya. Ɗan kasuwa kullum yana juya kuɗi, lebura da yamma ake sallamarsa. Ma'aikaci ne kaɗai rayuwarsa ke rataye a kan wannan rana: ran da mai kanti zai buɗe littafin jarura, uwar adashi ta aiko, mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa. Da jin sunan ya san da shi ake, ba sai an ce "don ma'aikata" ba.

Irin wannan dabara ce ta sa sunan Daga Laraba, fodkas ɗin jaridar Aminiya, ya zauna a kunne. Ya ambaci rana, kuma yana tuna wa Bahaushe karin maganar Juma'ar da za ta yi kyau. Finjan na kamfanin Samaniya a Saudiyya ma bai ce "hira da manyan baƙi" ba, ƙaramin kofin gahawa ya ambata, mai sauraro ya cike sauran da kansa. Suna mai kyau yakan nuna wani abu da mutum ya riga ya sani a rayuwarsa, ya bar bayani ga layin da ke ƙasa.

A wajen rubutu ma ya yi sa'a. A ajami da ق ake rubuta ƙ, kuma wannan harafi yana kan kowace waya. In ka rubuta قرشن وتا, haruffa ukun farko su ne قرش, wato girish, tilon gurush, sunan da duk Sudan ke kiran kuɗi da shi. Wanda ba ya jin Hausa zai furta shi da "g" irin ta mutanen nan, amma idonsa ya riga ya ga kuɗi a ciki. A boko kuwa akwai ƙ mai lanƙwasa, sai dai `karshen wata` babu lanƙwasa ba ya rikiɗa ya zama wata kalma, kowa zai gane.

Kada a ce ba shi da aibi. Na ɗaya, "wata" a rubuce tana iya zama wata mace, sai sunan ya yi kama da na littafin soyayya mai ƙarewa da nadama. Na biyu, magana ce da kowa ke yi, don haka bincike zai kawo labarai da yawa da ba su shafe ka ba. Na uku, ga wanda ya yi wata huɗu bai ga mahiya ba, sunan yana iya yi masa ɗaci. Wannan na ukun ba a gudunsa, kashi na farko na shirin ma ya dace ya kasance a kansa: me ake yi idan wata ya ƙare mahiya ba ta zo ba? Na ɗaya da na biyu kuwa layi na biyu ne maganinsu.

Layi na biyu

Suna aikinsa ya zauna a ka. Bayani aikin ɗan layin da ke biye da shi ne, kuma a nan ake zuba kalmomin da mutane ke nema. Misali: "Ƙarshen Wata: hirar mahiya, bashi da adashi da Hausa". Kalmomi bakwai ne bayan sunan, sun faɗi batu, sun faɗi harshe, sun kore zaton littafin soyayya. A ƙarƙashinsa sai a maimaita wannan bayani da Larabci, a sa sandug a gurbin adashi.

A kula da jeri. Allon waya yana yanke dogon suna, kalmomin farko kaɗai ake gani, saboda haka kada a fara da "Shirin" ko "Fodkas ɗin", asarar wuri ce. A hoton shirin a rubuta sunan da haruffan biyu, boko da lanƙwasarsa daidai, Larabci a ƙasa, da manyan baƙaƙe. Apple Podcasts yana neman hoto mai kusurwa huɗu daidai, daga 1400 zuwa 3000 a kowane gefe, amma a waya bai fi girman kan babban yatsa ba. Abin da bai karantu a wannan girman ba, a cire shi.

A sunan shafi kuwa, wanda ake bugawa da yatsa, a bar lanƙwasa, a yi `karshenwata` iri ɗaya a ko'ina. Kuma tunda yawancin masu sauraro a nan ta WhatsApp shirin zai iso musu, wani ya tura wa wani, hoto da bayani duk za su zube a hanya. Abu biyu ne kaɗai ke isa: sunan fayil, kamar `Karshen_Wata_01.mp3`, da abin da ka faɗa da bakinka. Don haka ka ambaci sunan a daƙiƙa goman farko, ka sake ambatarsa a ƙarshe tare da inda ake samun sauran.

A kai shi kasuwa kafin a yanka rago

Duk abin da aka faɗa a sama lissafin zaune ne. Kafin a buga hoto, a fitar da sunan waje. Kada a tambayi abokai ko ya yi daɗi, domin kunya za ta sa su ce ya yi. A nemi mutum goma daga cikin waɗanda ake yi wa shirin, maza da mata, a same su inda suke, a wurin mai shayi a bakin tasha ko a ofis lokacin fatur, inda hayaniya take.

A faɗi sunan sau ɗaya, da murya irin ta hira, sannan a yi abu uku. A tambayi mutum yana ganin shirin a kan me yake. A miƙa masa wayarsa a ce ya rubuta abin da ya ji, ba tare da an gyara masa ba. Bayan kwana biyu a kira shi a ce, "Ɗan'uwa, me ma na ce maka sunan shirin nan?"

Kowace amsa tana nuna ciwo daban. Idan mutum uku ko fiye suka zaci wani batu ne, layi na biyu bai yi aikinsa ba, ko sunan yana jan hankali wani gefe. Idan rubutun ya fito iri huɗu ko biyar, ba za a same ka a bincike ba. In iri biyu ne kawai, sai a sa duka biyun a cikin bayanin shirin. Idan bayan kwana biyu rabinsu sun manta, sunan ya yi tsawo ko bai taɓa komai a rayuwarsu ba. A kuma saurari yadda suka gutsure shi, domin wannan guntun shi ne sunan da zai rayu. In ka ji suna cewa "Ƙarshen Watan nan", ka gode Allah. In guntun ya zama abin zolaya, gara ka ji shi yanzu daga mutum goma.

Mataki na ƙarshe shi ne a bincika ko wani ya riga ka. A rubuta sunan ta duk hanyoyin da mutanen nan goma suka rubuta shi, a YouTube da Facebook da Telegram da manhajojin fodkas. In akwai shiri mai rai da wannan suna, ko da a Kano yake, a haƙura a koma kan na biyu a jeri, domin Hausa ɗaya ce a intanet, mai nema ba ya ganin iyakar ƙasa.

Wani zai ce ai in bai yi ba sai a canza daga baya. A manhaja abu ne mai sauƙi, ka goge ka rubuta sabo, waɗanda suka yi rajista suna nan ba su ɓace ba. Amma fayilolin da suka riga suka shiga wayoyin mutane da tsohon suna ba ka da ikon kiran su, kuma a harkar kuɗi wanda ya canza suna ana tambayar me ya gudo wa. Mako guda na gwaji a bakin tasha ya fi wannan araha. In an gama, sai a zauna a naɗi kashi na farko, Allah Ya sa albarka.